Ko ka sani? Wayarka ma barci take yi, shi ya sa tunatarwar asuba ke makara

Innata ce ta fara lura da abin. Tana shan maganin hawan jini sau biyu a rana, ƙarfe shida na safe da shida na yamma, kuma ni na sa mata manhajar da ke tuna mata a waya. Da yamma ba a taɓa samun matsala ba, shida na bugawa wayar za ta yi ƙara. Da safe kuwa sai ta yi tsit a kan ƙaramin teburin da ke gefen gado, har sai Inna ta ɗauke ta wajen bakwai saura don duba lokaci, sannan tunatarwar ta faɗo tare da saƙonnin da suka kwana a hanya.

"Ɗan nan," ta ce mini, "ranar da aka kawo wuta na kwana da ita a caji, ba ta makara. Ranar da babu wuta ce take yi mini haka."

Wannan magana tata ita ce ta warware komai, domin ta bayyana yadda wayoyin Android ke aiki. Tun daga Android 6, wanda ya fito a 2015, akwai wani tsari da ake kira Doze, ma'ana gyangyaɗi. Idan waya ba ta kan caji, fuskarta a kashe, kuma an ajiye ta wuri ɗaya ba motsi na wani lokaci, sai ta ɗauka cewa mai ita ba ya bukatarta. Daga nan ta rufe wa manhajoji ƙofar intanet, ta jingine ayyukan da suke yi a bayan fage, har da tunatarwar da suka tsara. Lokaci zuwa lokaci takan ɗan farka, ta bar kowace manhaja ta yi abin da ya taru, ta koma barci. Kuma gwargwadon daɗewar da ta yi a ajiye, gwargwadon nisan da ke tsakanin farkawa da farkawa, har ya kai sa'o'i. Wayar da aka ajiye tun bayan isha'i, kafin asuba ta yi nisa a barci. Tunatarwar ƙarfe shida ba ɓata ta yi ba, tana nan tana jiran a buɗe mata ƙofa. Da an taɓa wayar ko an sa ta a caji, barcin ya ƙare.

To me ya sa agogon da ya zo da wayar ba ya makara? Saboda Android ya bambanta tsakanin ƙararrawar agogo da sauran tunatarwa. Ita ƙararrawar agogo ana yi mata alfarma, wayar kan farka gab da lokacinta don ta buga daidai. Manhajar magani, ko ta kiran salla, ko ta tuna taro, dole ta nemi irin wannan alfarma da kanta, kuma dole a ba ta. A Android 12, na 2021, an ƙirƙiro izini na musamman mai suna Alarms & reminders. Daga Android 14, na 2023, yawancin manhajojin da aka sauke sabo suna zuwa da wannan izini a kashe, in ban da irin na agogo da kalanda. Mutum ya sayi sabuwar waya, ya sauke manhajar da ya saba da ita shekara da shekaru, sai ya ga ta fara saɓa lokaci, ya ɗora mata laifi alhali izini ne ba ta samu ba.

Gyaran wayar Inna bai ɗauke ni minti biyar ba. Na danne hoton manhajar da yatsa har ya nuna App info, na shiga Battery. A nan zaɓi uku ne: Unrestricted, Optimized da Restricted. Tata tana kan na tsakiya, wanda kusan kowace manhaja ke zuwa a kai, kuma shi ne ke ba wayar damar jinkirta ta. Na mayar da ita Unrestricted. Sannan na koma Settings, na rubuta Alarms & reminders a wurin bincike, na tarar makunnin manhajar a kashe, na kunna. Na kuma lura wani jikanta ya kunna mata Battery Saver dindindin saboda rashin wuta, wanda shi ma yana ƙara matse ayyukan bayan fage. Wannan ban kashe shi gaba ɗaya ba, na saita shi ya riƙa kunna kansa in batir ya sauka ƙasa sosai.

Sai dai a wayoyi da yawa wannan bai isa ba, domin masu ƙera su kan ɗora nasu matakan a kan na Android. A Samsung akwai Background usage limits, inda ake jera manhajoji a Sleeping apps da Deep sleeping apps. Wadda ta faɗa jeri na biyu ba ta motsi sam sai ka buɗe ta da hannunka, don haka a cire ta daga nan a sa ta cikin waɗanda ba a sa su barci. A Xiaomi abin nema shi ne Autostart. A Tecno da Infinix, waɗanda suka cika hannun mutanenmu, a duba Auto-start management, galibi a cikin Phone Master. Amfanin wannan izini shi ne, duk lokacin da waya ta mutu aka sake kunna ta, tunatarwar da manhajoji suka tsara gogewa take yi, sai kowace ta tashi ta sake tsara tata. Wadda aka hana tashi da kanta ba za ta iya ba. A garin da batir kan ƙare ƙurmus sau biyu ko uku a mako, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanayin makarar ma yana nuna inda ciwon yake. Idan tunatarwa tana zuwa amma a makare, musamman daidai lokacin da ka ɗauki wayar, barci ne. Idan ba ta zuwa kwata-kwata sai ka buɗe manhajar, to an tsayar da ita ne ɗungurungum, ko ta hanyar danna Force stop, wanda ke soke duk abin da ta tsara, ko ta wata manhajar share-share mai alƙawarin ƙara wa waya sauri. Ni dai ina ganin irin waɗannan ɓarnarsu ta fi amfaninsu, kuma na cire wadda na tarar a wayar Inna. Idan kuwa tunatarwar na zuwa a kan lokaci amma shiru, ba batir ba ne, a duba Do Not Disturb da ƙarfin sautin sanarwa.

Kada a buɗe wa kowace manhaja ƙofa, don batir zai ji a jikinsa. Biyu ko uku da makararsu ke da illa sun isa. Kuma kada a gwada gyaran da tunatarwar minti biyu waya na hannu, domin a lokacin idonta biyu, dole ta buga. A tsara ta zuwa sa'a biyu ko uku, a zare caji, a ajiye wayar a bar ta ba taɓawa.

Haka na yi a daren, kuma don ban son a yi wasa da maganin hawan jini, na ƙara mata ƙararrawar shida da minti biyar a agogon wayar. Washegari babu wuta a unguwar. Ina alwalar da na makara da ita na jiyo ƙarar daga ɗakinta, na duba agogon hannuna, shida daidai, sannan na ji ƙarar murfin kwalbar magani.