Launukan Bulosh, Buronza Da Hailaita Da Ke Fitowa A Baƙar Fata

Duk mai kwalliyar da ta saba yi wa amare ta san wannan matsala. Bulosh ruwan hoda yana da kyau a cikin gwangwaninsa, amma da zarar ya hau kumatun baƙar mace sai ya ɓace, ko kuma ya bar furu-furu. Sau da yawa ana ɗora wa fatar laifi, alhali laifin yana cikin haɗin hodar.

Kamfanoni suna sa wani farin sinadari mai suna taitaniyam dayoksaid domin su rage wa launi ƙarfi, kuma a jerin sinadaran da ke bayan kwali ana rubuta shi da lamba CI 77891. A farar fata wannan farin yana sajewa. A baƙar fata kuwa ya fi fatar haske, don haka shi ido ke fara gani kafin launin, sai kunci ya yi toka-toka. A 2024 Golloria George, 'yar asalin Sudan ta Kudu da ke zaune a Amurka, ta gwada bulosh na kamfanin Rhode a fuskarta, aka ga ya fito fari-fari, har kamfanin ya sake haɗa wasu daga cikin launukan.

Shi ya sa bulosh ɗin da ke yi wa baƙar mace aiki shi ne wanda ke ba da tsoro a gwangwani: ja jawur, ruwan goro mai duhu, ruwan zoɓo, ko shunayya mai ratsin ja. Duhun fatar yana shanye kaifin launin, abin da ya rage sai ya zama ɗan ɗumi a kumatu. Taj Mahal da Exhibit A na kamfanin NARS, ɗaya ruwan goro ɗaya ja, sun yi suna wajen baƙaƙen mata saboda haka. Wadda fatarta ta karkata zuwa ja ko ruwan gwal, ruwan goro ya fi karɓarta. Wadda baƙinta ya yi siɗik har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, ruwan zoɓo da shunayya ne nata. Da hunturu, lokacin da fata ke bushewa, bulosh na kirim ya fi na gari zama a fuska, kuma ɗan jan-baki da aka murza da yatsa yana iya maye gurbinsa.

Buronza ya fi wuyar samu. Aikinsa shi ne ya ƙara wa gefen goshi da saman kumatu ɗumi, amma yawancin na kasuwa ruwan ƙasa ne mai haske, wanda ya fi baƙar mace fari. Wanda zai fito dole ya ɗan fi fatar duhu, kuma ya kasance da ja a cikinsa, irin jan da ake samu daga sinadarin CI 77491. Mocha Mami na Fenty Beauty misali ne. Idan fatar ta fi duk buronzan da ke shago duhu, masu kwalliya sukan ɗauki bulosh mai launin jar ƙasa su yi aikin da shi. Mai ratsin toka kuma na zana inuwa ne a ƙarƙashin ƙashin kumatu, idan aka baza shi a goshi sai fuska ta yi kamar ta sha ƙura.

A hailaita, ruwan azurfa da fari mai ƙyallin lu'ulu'u su ne ke barin farin layi a hoto. Ruwan gwal mai duhu, ruwan tagulla da na jan ƙarfe su ke narkewa cikin fata. Lokacin da Rihanna ta buɗe Fenty Beauty a Satumba 2017 da launukan fandeshan 40, hailaitanta ruwan gwal mai suna Trophy Wife na cikin abubuwan da suka fi jan hankali. Juvia's Place, wanda Chichi Eburu 'yar asalin Najeriya ta kafa, shi ma ya gina sunansa ne a kan launuka masu kauri da ke fitowa a baƙar fata.

A ɗauki amarya baƙa da za ta fita dina da dare. Bayan fandeshan, mai kwalliya za ta dangwala bulosh na kirim ruwan zoɓo a tudun kumatu, ta ja shi sama zuwa wajen kunne, sannan ta danne shi da na gari mai launi iri ɗaya domin kada zufa ta tafi da shi. Buronza mai ja zai bi gefen goshi, hailaita ruwan tagulla kuma ya tsaya a saman ƙashin kumatu da karan hanci kawai, ban da inda ke da ƙuraje, domin ƙyalli yana fito da su.

Kafin amarya ta tashi daga kujera sai a ɗauke ta hoto da filasha. Idan farin layi ya fito a kunci, hailaitan ya yi haske da yawa, a goge a sa mai duhu. Wajen saye ma, a gwada launi a kunci ko bayan hannu a bakin taga, ba a tafin hannu ba, tunda tafin ya fi fuska haske nesa ba kusa ba.