Yadda Mai Zane Ke Fito da Jarumi Daga Cunkoson Kasuwa

A shekarar 1987 wani mai zane ɗan Birtaniya, Martin Handford, ya fitar da littafin farko na Wally, mutumin nan mai riga mai ratsin ja da fari da ake nema a cikin taron jama'a. Dabarar ɓoye shi mai sauƙi ce. Girmansa ɗaya da na kowa, haske ɗaya ne ya lulluɓe shafin, sannan an barbaza ja da fari a jikin wasu mutane da kayayyaki, har ido ya rasa inda zai sauka. Wanda ke zana kasuwa don fim ɗin katun ko littafin labari mai hotuna, akasin wannan ake so ya yi: kasuwa ta cika maƙil, amma da kallon farko a ga jarumi.

Ido yana fara sauka ne a inda bambanci ya fi ƙarfi, musamman inda duhu ya yi karo da haske. Saboda haka gwanin zane yakan yi rowar wannan bambanci, ya tanade shi don jaruminsa.

A ce za a zana yarinya ɗauke da ƙwaryar fura tana ratsa wani lungu a Kasuwar Kurmi ta Kano. Kafin a taɓa launi, sai a yi ɗan ƙaramin zane da bai wuce tafin hannu ba, da baƙi da fari da toka-toka kawai. Rumfunan da suka fi kusa da mai kallo, dama da hagu, a sa su cikin inuwa. Masu ciniki da 'yan dako na tsakiya su zama toka-toka, can ƙarshen lungu kuma rana ta faɗo a kan bango. A gaban wannan bango mai haske za a tsayar da yarinyar cikin mayafi baƙin rini. Nan ne kaɗai mafi duhu da mafi haske za su haɗu a duk hoton.

Daga nan sai a buɗe mata fili. Ko da kasuwar ta cika, kewayen kanta da ƙwaryar ya zama wayam, babu tarin takalma ko jerin linzami a bayanta. Sauran jama'a kuwa a dunƙule su rukuni-rukuni, uku nan, biyar can, inuwarsu ta haɗe, yadda ido zai ɗauke su abu guda. Bakin rufin rumfuna, da igiyar da aka rataye jakunkunan fata, da gefen kwata, duk layuka ne da ido ke bi, don haka a karkata su su nufi inda take. Haka ma kallon mutane: idan mai sayar da goro ya ɗago ya dube ta, mai kallo zai bi idonsa.

Launi shi ne na ƙarshe. Masu fim ɗin Aladdin na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1992, sun ba garin Agrabah launin rairayi, shi kuma jarumin suka sa masa farin wando, da 'yar shara mai launin shunayya, da jar hula, kayan da ke fita sarai a jikin ganuwar garin. A Kurmi ma haka za a yi. Atamfofi da kayan yaji su sha ƙura, launinsu ya dushe ya koma wajen ruwan ƙasa, a bar shuɗin mayafin shi kaɗai da kaifinsa.

Kurakuran da ke ɓata irin wannan zane sanannu ne. Rubutu da fuskar mutum suna fizgar ido, don haka allon shago da ake iya karantawa, ko fuskar wani tsoho da aka tsaya aka ƙawata a gefe, sai su ƙwace wa yarinyar kallo. Jan bokiti ɗaya a kusurwa ma ya isa. Akwai kuma dirkar rumfa da ta faɗo daidai kanta, ta zama kamar daga nan ta tsiro.

Gane matsalar ba wuya. A ja da baya, a ƙanƙance ido har hoton ya yi dishi-dishi, ko a ɗauke shi da waya a mai da shi baƙi da fari. Idan yarinyar ta narke cikin jama'a, gyaran yana wajen haske da duhu, ƙarin launi ba zai fito da ita ba. Sannan a nuna wa wanda bai san labarin ba na ɗan lokaci kaɗan, a rufe, a tambaye shi abin da ya fara gani. In ya ce bokiti, sai a dushe bokitin.