Nazarin hira a wayar tarho

Nazarin hira wani reshe ne na ilimin zamantakewa da ilimin harshe da ke binciken yadda mutane suke tsara magana a tsakaninsu. Masu wannan nazari suna ɗaukar muryar hira ta gaske, su rubuta ta dalla-dalla, sannan su duba yadda kowace magana take amsa wadda ta gabace ta. Hirar waya ta dace da wannan aiki domin masu maganar ba sa ganin juna. Duk abin da ɗaya ya fahimta daga ɗaya ta kunne ya zo, saboda haka mai bincike yana jin abin da su ma suka ji.

## Tarihi

Harvey Sacks ne ya fara wannan fanni a Amurka a shekarun 1960, tare da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson. Sacks ya soma da kiraye-kirayen da ake yi wa wata cibiyar hana kashe kai a Los Angeles. Ya lura cewa idan ma'aikaci ya faɗi sunansa, yawanci mai kira yakan faɗi nasa. A wani kira kuwa, mai kiran ya ce bai ji ba. Ma'aikacin ya maimaita sunansa, mai kiran ya maimaita shi, hira ta ci gaba, gurbin da ya kamata ya faɗi nasa sunan ya wuce ba tare da ya fito fili ya ƙi ba. Wannan ya nuna cewa ko ƙaramar magana tana yin aiki gwargwadon wurin da ta faɗo.

A 1968 Schegloff ya wallafa nazari kan farkon kiran waya kusan 500. Mutanen uku sun wallafa maƙala kan karɓa-karɓar magana a mujallar *Language* a 1974, da wata kan gyara a 1977.

## Karɓa-karɓar magana

A hira ta yau da kullum babu mai raba wa mutane lokaci, amma galibi mutum ɗaya ne yake magana, kuma sauyi daga baki zuwa baki yana faruwa ba tare da dogon shiru ba. Bayanin maƙalar 1974 shi ne, ana gina magana da guntaye, kamar kalma ɗaya ko yankin jimla ko cikakkiyar jimla. Mai sauraro yana hango inda guntun zai ƙare daga nahawu da karin murya da ma'ana. A wannan gaɓa dokoki uku ne suke aiki bi da bi. Idan mai magana ya zaɓi wanda zai karɓa, misali ta hanyar tambaya, shi ne zai yi magana. Idan bai zaɓi kowa ba, wanda ya riga farawa shi ke da fili. Idan babu wanda ya fara, mai maganar yana iya ci gaba.

Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009 kan harsuna goma ya gano cewa matsakaicin tazara tsakanin tambayar eh-ko-a'a da amsarta kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne. Tun da tazarar gajera ce haka, shirun da ya doshi daƙiƙa ɗaya bayan roƙo yakan sa mai roƙon ya zaci akwai matsala.

## Gyara

Gyara shi ne hanyar da masu hira suke dakatar da zance don warware matsalar furuci ko ji ko fahimta. Ba lallai sai an yi kuskure ba, domin laluben sunan da ya ɓace wa mutum ma gyara ne. Ana bambanta wanda ya nuna matsalar da wanda ya warware ta. Mai magana yana iya katse kansa ya gyara, ko mai sauraro ya nuna bai gane ba ya bar masa gyaran. Maƙalar 1977 ta nuna cewa tsarin hira ya fi ba mutum damar gyara maganarsa da kansa. Shi ke da dama ta farko tun yana cikin magana, kuma mai sauraro yakan ɗan jinkirta kafin ya tsoma baki.

## Alamomin rubutu

Jefferson ce ta tsara alamomin da ake amfani da su har yanzu. Daga cikinsu akwai:

- `[` inda muryoyi biyu suka fara haɗuwa
- `(0.8)` tsawon shiru da ma'aunin daƙiƙa, `(.)` kuma shiru ɗan ƙanƙani
- `=` babu wata tazara tsakanin magana biyu
- `::` jan sauti, yawan ɗigon yana nuna tsawonsa
- `-` katse kalma a tsakiya
- `.hh` jan numfashi

Aya da alamar tambaya suna nuna faɗuwa ko tashin murya ne, ba nahawu ba.

## Misali

Wannan misali an tsara shi ne don koyarwa. Tela ne ya kira wanda ya ba shi ɗinki.

```
01 Tela:   Alhaji, gobe za a aiko da cikon?
02         (0.8)
03 Alhaji: Na'am?
04 Tela:   Cikon kuɗi::n, ko gobe zai samu?
05 Alhaji: Na babbar riga?
06 Tela:   Eh [na rigar.
07 Alhaji:    [To, sai Lara- sai Alhamis dai.=
08 Tela:   =To ba komai, Allah ya kai mu.
```

A layi na 1 tela ya yi tambaya, don haka ya miƙa wa Alhaji magana, kuma shirun layi na 2 na Alhaji ne. "Na'am?" ta layi na 3 ta nuna akwai matsala amma ba ta faɗi wace iri ba. Hujjar yadda tela ya fahimce ta tana layi na 4. Bai tsaya a maimaitawa ba, ya fayyace cikon mene ne, ya kuma sassauta roƙon da "ko zai samu". Ke nan ya ɗauka matsalar tana iya wuce rashin ji. A layi na 5 Alhaji ya taƙaita matsalar, ya kawo nasa hasashen don a tabbatar masa.

Haɗuwar muryoyi a layi na 6 da 7 ba katsalandan ba ce, domin "Eh" ta riga ta cika amsa. A layi na 7 Alhaji ya katse kansa ya sauya rana. Amsar tambayar layi na 1 ba ta zo ba sai nan, kuma ta saɓa wa abin da tela ya nema. Wannan abu ne da masu nazari suka sha lura da shi: amsar ƙi takan zo a makare, bayan shiru ko neman gyara.

## Iyakoki

Jinkirin layi yana iya haifar da shiru ko haɗuwar muryoyi da masu maganar ba su nufa ba, kuma abin da aka ɗauka a gefe ɗaya na layin yana iya bambanta da abin da ɗaya gefen ya ji. Rubutun ma ba ya maye gurbin muryar, shi ya sa ake komawa a sake saurare. Yadda ake buɗe kira kuma ya bambanta tsakanin al'ummomi. A kiran Amurka da Schegloff ya nazarta, mai ɗauka yakan bari a gane shi ta murya, a wayar gida ta ƙasar Holan kuwa an saba mai ɗauka ya fara faɗin sunansa. Wayar hannu da ke nuna sunan mai kira ta rage buƙatar wannan gabatarwa.