Awa Ashirin: Iyakar Aikin Ɗalibi a Birtaniya

Ɗalibin da ya sauka a Birtaniya da bizar karatu ba ya daɗewa kafin ya fara neman aiki, domin kuɗin haya da cefane ba sa jira. Doka ta ba shi dama, amma da iyaka. Mai karatun digiri ko sama da haka yana da awa 20 a mako lokacin zangon karatu, mai kwas ɗin da bai kai digiri ba kuwa awa 10. Lokacin hutun jami'a ne kaɗai ake sakar masa mara ya yi cikakken aiki.

Inda 'yan uwanmu suka fi zamewa shi ne wajen ƙidaya. Mako a wurin Ma'aikatar Cikin Gida kwana bakwai ne, daga Litinin zuwa Lahadi, kuma kowane mako da lissafinsa. A ce ɗaliba ta yi awa 12 ranar Asabar a gidan kula da tsofaffi, alhali ta riga ta yi awa 10 ranar Talata a wani kanti. Kowane mai aiki yana ganin ba ta wuce ƙa'ida ba, amma jimilla 22 ce, ta karya doka ke nan. Ba za ta kare kanta da cewa makon jiya awa 15 kawai ta yi ba, domin ba a cike giɓin wani mako da rarar wani.

Masu digiri na biyu su ƙara kula. Watannin da suke rubuta kundin bincike, ko da an daina shiga aji, yawancin jami'o'i na ɗaukar su a matsayin zangon karatu. Kalandar kwas ɗinka ce hujja, ba abin da aboki ya faɗa ba.

Akwai kuma abin da aka hana ɗungurungum: sana'ar kai. Mu da muka tashi cikin saye da sayarwa wannan yana mana nauyi, amma sayar da turare ko atamfa ta waya don riba, ko kai abinci a keke a matsayin mai zaman kansa, duk sun saɓa wa sharaɗin bizar, ko awa ɗaya ce.

Gano laifin ba wuya, tunda albashi yana bi ta hukumar haraji, jami'a kuma dole ta kai rahoto idan ta sani. Ana iya soke bizar, a kori ɗalibi, a hana shi dawowa na wasu shekaru. Laifi ne da hukuncinsa kan kai ɗaurin wata shida, har a ƙwace abin da ya samu. Mai aikin ma, tun 2024, tararsa na iya kaiwa fam 45,000 kan kowane ma'aikaci a karon farko.

Don Allah, ɗan'uwa, ka riƙa rubuta awanninka kowane mako, kuma kafin ka karɓi ƙarin aiki ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka.