Saƙon da Baƙo Zai Amsa: Yadda Ake Gyara Wasiƙar Neman Ciniki

A shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito da lambar 2442, wadda mai waya zai aika wa kalmar STOP domin a daina turo masa saƙonnin talla. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ba kowa 'yancin hana a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. A WhatsApp ma, duk saƙon da ya zo daga baƙuwar lamba, mai waya na iya toshe ta nan take. Saboda haka mai sana'ar da ke neman ciniki wurin wanda bai san shi ba, layi biyu ko uku kawai yake da su kafin a yanke masa hukunci.

A ɗauki misalin matashi mai haɗa wutar sola a Kano, da ke son rubuta wa mai kantin magani. Ga abin da ya fara tsarawa:

"DAMA TA ƘARSHE!!! Mu ne kan gaba wajen samar da ingantaccen makamashi mai sabuntawa. Muna da haibirid inbata mai kilowat 5 da batirin litiyom. Garaɓasa za ta ƙare yau da dare. Kira yanzu kada ka yi da-na-sani!"

Wannan saƙo ya shigo kamar wanda ya faɗa zaure babu sallama. Bai faɗi sunan mai shi ba, bai faɗi inda aka samo lambar ba, kuma tambayar farko da ke zuwa zuciyar kowa ke nan. Wa'adin daren yau kuwa salon 'yan damfara ne, waɗanda ke gaggauta mutum don kada ya tsaya ya yi tunani. Mai gaskiyar da ya ari salon ya jawo wa kansa zargi.

Gyaran da ya fi cin lokaci shi ne na kalmomin sana'a. Mai kantin magani ba kilowat ne ya dame shi ba. Damuwarsa firij ce, domin insulin da alluran rigakafi da yawa ana ajiye su ne a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, in wuta ta ɗauke na tsawon lokaci jarinsa na iya lalacewa. Don haka duk kalmar fasaha da ke cikin saƙon sai marubuci ya tambayi kansa: me wannan abin zai yi wa mutumin nan? Amsar ita za a rubuta. Inbata da batiri sai su koma firij mai aiki dare da rana ba tare da janareta ba. Kirarin kan gaba, wanda babu mai iya tabbatar da shi, sai a sauya shi da aiki guda da mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa.

Daga nan sai a rage girman buƙata. Baƙo ba ya sayen kayan miliyoyi saboda saƙo ɗaya, amma yana iya ba da minti biyar. Ga saƙon bayan gyara:

"Assalamu alaikum, Malam. Sunana wane, ina haɗa wutar sola a nan unguwarku. A allon kantinku na ga lambarku. Na haɗa wa wani kantin magani solar da ke riƙe firij ɗinsa dare da rana, kuma mai kantin ya yarda a zo a duba. Idan kuna so, zan kira ku na minti biyar a lokacin da kuka zaɓa. In ba ku buƙata, ba komai, ba zan sake damun ku ba. Na gode."

An yi amfani da "ku" ta girmamawa, an ce Malam, ba a liƙa masa Alhaji ko Dakta bisa zato ba. Kowace jimla kuma dole ta zama gaskiya: in mai wancan kantin bai ba da izini ba, a cire layin.

Akwai hanyar gwaji. A karanta saƙon da murya ga wanda bai san aikin sola ba, sannan a tambaye shi wa ya rubuto, me yake so, me ake nema a yi. Inda ya yi jim, nan ne ke buƙatar gyara. Amma in injiniyan asibiti ake rubuta wa, kilowat da nau'in batiri su ne bayani mai sauƙi a wurinsa, sai a mayar da su. Idan mako ya wuce babu amsa, tuni ɗaya gajere ya isa; in shi ma ya sha shiru, a cire lambar daga jerin waɗanda ake tuntuɓa.