Falankin da magini ke tsayawa a kai

A unguwannin da ake ta sabbin gine-gine a bayan garin Kano ko Kaduna, da wuya ka wuce layi biyu ba ka ga magini a sama yana yaɓa filasta a bangon bene ba. Abin da yake tsaye a kai shi ne sikafol, wato sandunan katako ko na ƙarfe da aka harhaɗa aka shimfiɗa falanki a kansu. Mai gida yakan tsaya ya ƙirga buhunan siminti ɗaya bayan ɗaya, amma da wuya ya ɗaga kai ya dubi wannan falanki, alhali ran mutum ne a kansa.

Mu ƙiyasta nauyin da ke hawa. Magini da leburansa sun kai kilo 140. Bulo mai inci 9 yakan haura kilo 20, to idan an jera goma an ƙara fiye da kilo 200. Kwano guda na kwaɓaɓɓen siminti ya kai kilo 35. Jimilla ana neman kilo 400, nauyin buhun siminti takwas ke nan. Ba wanda zai yarda ya ɗora buhu takwas a kan siririn katako ya kwanta a ƙarƙashi, amma kullum haka ake yi ba tare da an lura ba.

Matsalar ta fi yawa a kaurin falankin. Wanda ake yawan samu a wurin gini shi ne mai kaurin inci ɗaya, wanda kafinta ya gama zuba dakin da shi, ya sha ruwa, ya sha rana, ƙusa ta huhhuda shi. Falankin tsayuwa kuwa inci ɗaya da rabi ake so. Rabin incin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana ninka ƙarfin katakon fiye da sau biyu. Idan mai inci ɗaya kaɗai ke akwai, a haɗa biyu, ɗaya a kan ɗaya, a kuma matso da sandunan gicciye da ke tallafe shi, kada tazararsu ta wuce ƙafa huɗu. Kafin a hau da shi sama, a ɗora shi kan bulo biyu a ƙasa, mutum ya taka tsakiya. In ya lanƙwasa sosai ko ya yi ƙara, ko an ga tsagewa ko babban gungume a tsakiyarsa, a ajiye shi don wani aikin.

Akwai kuma bakin falanki, wanda ni ya fi ba ni tsoro, don ba ya ba da sanarwa. Idan ya zarce sandar da ke riƙe da shi da nisa, lebura na taka ƙarshensa ɗaya gefen zai ɗaga, shi kuma ya yi ƙasa da kwanon a kansa. Kada zarcewar ta wuce inci shida, kuma a ɗaure falankin ko a kafe shi da ƙusa.

Daga falanki nauyin yana sauka kan sandar gicciye. A sikafol na katako sau da yawa ƙusa biyu ce kawai ke riƙe da ita a jikin ginshiƙi. A buga guntun katako a ƙarƙashinta yadda za ta zauna a kansa, nauyin ya bar kan ƙusa. A na ƙarfe kuwa, abin dubawa shi ne maɗauran bututu da kusoshinsu: wanda ya yi tsatsa ko ya ƙi ɗauruwa a canza shi, kada a cike gurbinsa da wayar ɗaurin rodi.

Sai ƙasa. Ginshiƙin da aka kafa a kan bulo ko cikon ƙasa yana iya tsayawa daram da rani, ruwan damina na sauka ya nutse ta gefe guda. Faffaɗan katako mai kauri ake shimfiɗawa a kan ƙasar da aka daddaɓe, kuma duk safiyar da aka kwana da ruwa ko iska sai an sake zagayawa an duba kafin kowa ya hau. A sa sanduna a karkace tsakanin ginshiƙai, a ɗaure sikafol ɗin da ginin ta taga ko ta ramin bango, don kada ya rabu da bangon.

Za ka ji magini ya ce, "Ai mun saba." Gaskiya ne, ya saba. Amma mai filasta yakan ja da baya don ya ga ko bango ya miƙe, kuma a lokacin hankalinsa na kan bango. Saboda wannan taku guda ake kafa sandar kariya a bayansa, tsayin kusan mita ɗaya, da wata a tsakiya, da katako a gefen falanki don kada bulo ya zame kan mai kwaɓa siminti a ƙasa. Kuɗin waɗannan sanduna mai gida ne ya kamata ya sa a lissafi tun ranar da ake cinikin aiki.