Ɗigo Ɗaya Na Iya Juya Ma'anar Ajami

Rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u, da ajami aka rubuta su, kuma a yau a hoto masu nazari suka fi samun su. Sai dai hoto yakan yaudari ido. Ƙazantar takarda ko hudar da gara ta yi na iya fitowa tamkar ɗigon tawada.

Ɗigo kuwa shi ne komai a rubutun Magribi da malaman ƙasar Hausa suka gada. Harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Gabas sai ya ɗauki ƙaf a matsayin fa, ya karanta "fari" inda aka rubuta "ƙari". Wasalin e ma ɗigo ne mai kauri a ƙarƙashin harafi, wato imala ta karatun Warsh.

Wata matsalar kuma daga marubutan take. Da yawansu harafin ba suke sa wa b da ɓ duka, don haka "bari" da "ɓari" kamarsu ɗaya. A nan mai karatu zai ƙara girman hoton, ya nemi kalmar a wani shafi na hannun magatakardan, sannan ya auna ta da ma'anar baitin da karinsa. In shakka ba ta gushe ba, ya rubuta karatun biyu tare da lambar shafi da layi. Zaɓar ɗaya a yi shiru zalunci ne ga wanda zai dogara da kwafin.